"Ni dai ba ta cin ni, mutane nake ji wa"

Jama'ar Damagaram, ku ɗan tsaya. Saƙon murya ya shigo WhatsApp wai gobe esansi zai yanke a gari, ka saurara ka yi tsaki ka ce ƙarya ce, amma sai ga ka bisa babur ka nufi gidan mai. Me ya kai ka? "Ai mutane za su yarda su kwashe." To duk 'yan kabu-kabun da ke cikin layin nan haka kowannensu ya faɗa wa kanshi, kafin la'asar kuma man ya ƙare da gaske.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, W. Phillips Davison, shi ya fara rubutu a 1983 kan wannan hali na ganin saƙo ya fi juya wasu bisa kai. Labarin da ya ja hankalinshi daga yaƙin duniya na biyu ne, a tsibirin Iwo Jima. Japanawa sun watso takardu daga jirgi ga wata rundunar sojoji baƙar fata ta Amurka, suna ce musu wannan yaƙin fararen fata ne, kar ku mutu a banza. Ba a ga alamar takardun sun girgiza sojojin ba, shugabanninsu farare ne suka tsorata, washegari aka janye rundunar.

Yadda ake auna shi ba wuya. Ka tambayi mutum, daga 1 zuwa 7, nawa tallar maganin ƙarfi a rediyo take juya ka? A ce ya ce 2. Abokanka na fada fa? 4. Mutanen ƙauye masu zuwa kasuwar Dole? Sai ya ce ai su 6 ne. Tazarar nan ita ce abin, kuma duk yadda mutane suka yi maka nisa haka take ƙara faɗi.

Dalili biyu nake ganin sun fi ƙarfi. Ba mai son a ce shi mai saurin ruɗuwa ne, wannan kowa ya sani. Ɗayan ya fi shi ɓoyuwa: kai kana jin gardamar da kake yi cikin ranka lokacin da kake sauraro, shi kuwa maƙwabcinka ba ka jin tashi, ganinshi kawai kake da waya a kunne yana gyaɗa kai, sai ka ɗauka ya haɗiye.

Amma fa in saƙon na kirki ne, kamar a kwana cikin gidan sauro, abin yakan juye, kowa ya ce ni na ɗauka, su ne ba su ji. Sannan tazarar kaɗai ba ta nuna inda kuskuren yake, ko ka raina wayon mutane ne, ko ka rage yadda saƙon ya taɓa ka, ko duka biyun. Abin da bincike ya sha gani dai shi ne masu ganin saƙo zai lalata wasu su suka fi goyon bayan a hana shi.