Saƙon ta'aziyya ga abokin aiki: me za ka rubuta?

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Zariya. Yau Nasiru ne ya zo mana da tambaya. Bismillah.

Nasiru: Mahaifiyar wani abokin aikina ce ta rasu a cikin birni, wajen Kwarbai. Da asuba ta cika, kafin azahar an kai ta makwancinta, ni kuwa ina Kaduna. Na ɗauki waya zan rubuta masa, sai na tsaya. Kullum muna tare, tebur ɗaya muke cin abinci, ba na son saƙon ya fito kamar takardar ofis. Malam Bala, ta ina ake farawa?

Malam Bala: Da sunan da ka saba kiransa. In "mutumina" kake ce masa, ce masa haka. Sai ka yi "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ka faɗi cewa ka ji rasuwar. Kuma ka kira ta yadda shi yake kiranta. In Inna yake cewa, ka ce Inna. Da ka rubuta "marigayiya mahaifiyarka" ka koma sanarwar rediyo.

Hauwa: Ni abin da ke ba ni haushi, Malam, shi ne saƙon da ake kwafowa a Watsaf. Mace ta rasu, sai ka ga "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa". Nan take mai makoki ya san ba a ma karanta ba aka turo.

Malam Bala: Ga furanni da hoton hannu biyu a ƙasa.

Hauwa: Wallahi! Gara layi biyu naka na kanka.

Nasiru: To ku ji wanda na tsara. "Mutumina, yanzu nake jin rasuwar Inna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Ba na manta yadda ta karɓe mu ranar sunan ɗanka, ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwo. Allah ya ba ku haƙuri kai da 'yan'uwanka. In akwai abin da kake buƙata ka faɗa mini."

Malam Bala: Maganar tuwon nan ita ce ran saƙon, kada ka taɓa ta. Addu'a kowa zai yi masa, amma wanda ya tuna masa da halin uwarsa, shi zai daɗe yana tunawa. Sai dai jimlar ƙarshe, cire ta.

Nasiru: Ah, Malam, ai taimako nake nufi.

Malam Bala: Na sani. Amma mutum yana kan tabarma yana amsa gaisuwa tun safe, ga kunya irin tamu, yaushe zai buɗe baki ya ce maka ga buƙata? Kai ka san aikin da ke kan teburinsa. Rubuta: "Rahoton ƙarshen wata na ɗauke maka, kuma na yi wa oga bayani. Gobe bayan la'asar zan shigo." Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Bai ce a je a tambaye su ko suna jin yunwa ba.

Hauwa: Kuma ban da bincike. "Me ya same ta? An kai ta asibiti kuwa?" In yana son faɗa, zai faɗa da bakinsa.

Nasiru: In da yaro ƙarami ne ya rasu fa?

Hauwa: Addu'ar takan sauya. An fi cewa "Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku dangana". Kuma don Allah kada a ce wa uwa "za ki sake haihuwa". In abokin aikin Kirista ne, kamar da yawa cikin mutanenmu na Wusasa, "Allah ya ta'azantar da ku" ya wadatar.

Nasiru: A zauren Watsaf na ofis zan sa, ko shi kaɗai zan tura wa?

Malam Bala: Shi kaɗai. Na zauren ya zama na jama'a, sa naka layi ɗaya a can in ka so. In bai ba ka amsa ba kada ka ƙullace shi, wayar ma wataƙila tana hannun ƙaninsa. Kuma saƙo ba ya ɗauke zuwa da ƙafa. Kwana uku ake zaman karɓar gaisuwa, Kaduna kuwa ba nisa. Ka je, ka ce "ya haƙuri", a yi addu'a a shafa, ka tashi ka ba na bayanka wuri.

Nasiru: To bari in gyara in tura kafin magariba.

Hauwa: Ka duba "jiƙanta" ɗin nan sau biyu. Sai mako mai zuwa, jama'a.