PDF ko Word: wane fayil za ka tura, kuma wane suna za ka sa masa?

Assalamu alaikum, jama'a. Yau ba zan taɓa abin da ake rubutawa a cikin takardar tarihin karatu da aiki ba, wato CV. Maganata a kan fayil ɗin ne kansa, domin na sha ganin wanda ya cancanci aiki amma takardarsa ba ta kai gaban mai karantawa yadda ya tsara ta ba.

Abu na farko ba ya buƙatar dogon bayani. Idan sanarwar aiki ta faɗi irin fayil ɗin da ake so, shi za ka tura. Kamfanonin da ke samo wa wasu ma'aikata sukan nemi Word, saboda suna cire lambar wayarka su sa tambarinsu kafin su miƙa takardar.

To idan ba a faɗa ba fa? Ni PDF nake zaɓa. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don shafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura, kuma yana iya ɗauke da salon haruffan da ka yi amfani da su a cikinsa. Fayil ɗin Word, wanda tun 2007 yake ƙarewa da .docx, yawanci ya dogara ne da abin da ke cikin kwamfutar mai buɗewa. Idan ba shi da salon haruffanka, sai manhajar ta sa wani a madadinsa, layuka su goce, takarda mai shafi biyu ta zama uku da layi ɗaya tal a na ƙarshe. Ga kuma gyare-gyaren da abokinka ya yi maka da Track Changes, waɗanda za su fito da launi idan ka manta ba ka share su ba.

Sai dai PDF iri biyu ne, kuma nan nake so ku saurara da kyau. Manyan ma'aikatu da yawa suna karɓar takardu ta manhajar da ake kira ATS, wadda ke zaro rubutu daga fayil ta adana, mai ɗaukar ma'aikata kuma ya bincika da kalma. Idan a cikin Word ka danna Save As ka zaɓi PDF, rubutunka na nan a matsayin rubutu. Amma idan ka buga takardar ka ɗauki hotonta da waya ka mayar PDF, hoto ne kawai, manhajar na iya buɗewa ta ga babu kalma ko ɗaya.

Gwajin minti ɗaya ne. Buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka liƙa a Notepad da Ctrl+V. Idan babu abin da ya fito, hoto ka yi. Idan ya fito amma shekarun aikinka sun cakuɗe da sunayen makarantu, tsarin da ka raba shafi gida biyu ne ya jawo, kuma manhajar ma za ta iya cakuɗa su haka. Mayar da shi gida ɗaya. Lambar wayarka ma ka sauko da ita cikin jikin takardar, don wasu manhajojin suna tsallake abin da aka sa a Header, wato keɓaɓɓen wurin da ke can saman shafi.

Yanzu suna. Ku sa kanku a kujerar wadda ta sauke takardu ɗari a babban fayil guda. Mafi yawansu sunansu CV.pdf, kwamfuta ta mayar da su CV (1).pdf, CV (2).pdf, haka har ƙasa. Bayan mako guda ta tuna da wani da ya burge ta, ta rubuta sunansa a wurin bincike, shiru. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin gyaransa bai kai minti ɗaya ba.

A ce sunanka Ɗanjuma Sa'idu, kana neman aikin akanta. Ga yadda za ka rubuta:

```
Danjuma-Saidu-CV-Akanta.pdf
```

Sunanka ne a gaba, don shi za a nema, kuma ya zama daidai da wanda ke saman takardar da wanda ka cike a fom. Matsayin ka rubuta shi da harshen sanarwar. Kun ga na cire lanƙwasar Ɗ da alamar da ke cikin Sa'idu. A cikin takardar ka rubuta sunanka daidai yadda yake, amma a sunan fayil wasu shafukan sukan mayar da irin waɗannan haruffa wasu alamomi marasa ma'ana, kuma mai nema D zai danna a madanninsa. Windows ma ba ya karɓar / ko : ko ? a sunan fayil, don haka kwanan wata mai karkatattun layuka ba zai shiga ba. Kalmomi irin su "sabo" ko "na ƙarshe" ka bar su a kwafinka na Word, wanda za ka riƙa gyarawa kana fitar da sabon PDF ga kowane aiki.

Idan akwai wasiƙar neman aiki, ka sa mata suna da farko iri ɗaya, sai su jeru kusa da juna a kwamfutar mai karɓa. Kafin ka tura, aika wa kanka fayil ɗin ka buɗe shi a waya, ka tabbatar ba ka kulle shi da kalmar sirri ba, kuma girmansa bai wuce iyakar da shafin ya gindaya ba.