Yadda Ake Jera Tallan Gidajen Bene Tun Ginin Bai Ƙare Ba

Wanda yake tallata gidan da ba a gama ginawa ba alƙawari yake sayarwa, saboda haka jerin saƙonninsa a Facebook da WhatsApp ya kamata ya bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, domin mai saye ya ga shaida da idonsa.

A ɗauka ana gina bene mai gidaje 12 a cikin wani rukunin gidaje a Kubiya, nan Yamai, kuma kuɗin kowane gida sefa miliyan 30 ne. Saƙon farko na takardu ne, inda za a nuna lambar titir fonsiye na filin da izinin gini, a kuma bayyana cewa a gaban noter ake sa hannu. Na biyu zanen kwamfuta ne na yadda ginin zai kasance, amma a rubuta a jikin hoton cewa zane ne, tun da wanda ya ɗauke shi hoton gaske, ya zo ya tarar da bulo da yashi, da wuya ya sake yarda da ku.

Daga nan sai a zaɓi wuri guda a bakin filin, a riƙa ɗaukar bidiyo daga nan duk mako tare da kwanan wata, yadda mai kallo zai kwatanta na yau da na makon jiya. Bayan an zuba dal, kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka auna masa, kuma a wannan lokacin ginin yakan yi kamar ya tsaya. A yi saƙon da zai bayyana haka, ana nuna lebura yana shayar da dal da ruwa, domin shiru a wannan gaɓar shi ke haifar da jita-jita.

Saƙon da na fi ba wa muhimmanci shi ne na damina. Mutanen Yamai ba su manta da ambaliyar 2020 ba, don haka washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta a ɗauki hanyar shiga rukunin ba tare da yanke bidiyon ba, a nuna inda ruwa ya bi da ko mota tana wucewa.

A haɗa biyan kuɗi da mataki, misali miliyan 6 ranar sa hannu, miliyan 9 bayan zuba dal, sauran kuma a raba tsakanin rufi da miƙa makulli. Idan masu sharhi suna ta maimaita "nawa ne?" ko "a wace unguwa?", alama ce cewa bayanin ya ɓace a cikin jerin, sai a maimaita farashi da unguwa a ƙarƙashin kowane saƙo.