Kujeru sun isa, amma zaure ya cika: yadda ake tsara jadawalin babban taro

Ka dubi ƙofar wani zauren taro. Mutane sun yi cirko-cirko a waje suna leƙe, ciki babu masaka tsinke, ga kuma wani zaure a gefe rabin kujerunsa babu kowa. Tun daga kan takardar jadawali aka shuka wannan matsalar, makonni kafin ranar taro.

Mu ɗauka taron kwana 3 ne, mahalarta 400, an kasa shi ɓangare 3 da ke gudana lokaci guda. Zauruka 3 ne: babba mai kujera 300, matsakaici mai 120, ƙarami mai 60. Kowace rana ana zama sau 4, da ƙarfe 9:00, 11:00, 2:00 da 4:00, kowane zama minti 90. Ka ga gurbi 36 ke nan, zaman da aka amince da su kuma 33.

In ka haɗa kujerun, 480 ne, sun fi mutum 400. Wannan lissafin ne yake yaudarar masu shirya taro, domin jama'a ba sa rarrabuwa daidai wa daida. Inda ransu ya fi so nan suke tururuwa. Shi ya sa ba na goyon bayan a ɗaure kowane ɓangare da zaure ɗaya har taro ya watse. Ya fi sauƙin bugawa, gaskiya ne, amma ɓangaren da ya ƙare a ƙaramin zaure zai iya ɗauke da zaman da kowa ke jira.

Maganin shi ne ka tambaya tun wajen rajista, kowa ya zaɓi zaman da yake sha'awa. Ba duk wanda ya zaɓa ne zai zo ba, amma adadin zai nuna maka inda nauyi yake.

Yanzu dubi rana ta 2, ƙarfe 11:00. Zaman A mutum 170 suka zaɓe shi, kuma yana ƙaramin zaure. Zaman B yana da 210, yana babban zaure. Zaman C yana da 20, yana matsakaici. Mayar da A matsakaici ba zai fisshe ka ba, mutum 50 za su tsaya a waje. Babban zauren kuma B ya riga ya kama shi. Ke nan canjin ɗaki bai isa ba, sai an canza lokaci.

A nan ne za ka koma kan mai jawabin. Mai gabatar da A jirginta da safiyar ranar zai sauka, da dare kuma za ta koma. Ƙarfe 9:00 ganganci ne, jinkiri kaɗan ya isa ya rusa zaman. Ƙarfe 2:00 tana cikin wani zaman tattaunawa. Saura 4:00 kaɗai.

Da ƙarfe 4:00 zaman D ne a babban zaure, mutum 95 suka zaɓe shi. Sai ka yi musanya: A ya hau babban zaure da 4:00, D ya dawo 11:00 a matsakaici, C mai mutum 20 ya sauka ƙarami. Kujera 25 da suka rage wa D kar ka ɗauke su asara, su ne na waɗanda za su canza shawara a ranar.

Amma kar ka rufe littafi tukuna. Ka taɓa zama uku, dole ka sake duba masu jawabinsu duka, har da shugaban kowane zama, wanda shi aka fi mantawa da shi. A teburin jadawalinka na Excel ko makamancinsa, ka ba kowane mutum layi ɗaya a kowane zaman da zai shiga: suna a shafin B, rana a C, lokaci a D. Sai ka sa wannan a layi na 2 na shafin E, ka kwafe shi zuwa sauran layukan:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2,D:D,D2)>1
```

Duk layin da ya nuna TRUE, an saka mutum ɗaya a wuri biyu lokaci guda. Sai dai ka kula da rubutun suna: in an sa masa laƙabi a wani layi, a wani babu, lissafin zai ɗauke shi mutum biyu, karon ya wuce ba ka gani ba. Bai wa kowa lamba ya fi aminci.

Gurbi 3 da suka rage kuwa, ka bar ɗaya kowace rana, a zaman ƙarshe, a matsakaicin zaure. In wani ya makara, ko zama ya cika har ana so a maimaita shi, can za ka kai shi ba tare da ka motsa kowa ba. Kuma duk canjin da ka yi, ka fara yin sa a wannan teburin, daga nan ne allon ƙofa, manhajar taro da saƙon masu jawabi za su ɗauka.