Rijiyoyin Zinder sun faɗa Baleyara: yadda ake gano ainihin tsarin fayil ɗin shapefile

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta iso mana daga ɗalibai da masu aikin taswira a nan Damagaram: an turo maka shapefile, ka buɗe a QGIS, sai ka ga abin ya tafi wata uwa duniya. Wani nasa ya faɗa teku, wani ya tsinci nasa a Cadi. Kuma kusan kowa magani ɗaya yake rugawa ya yi, wato `Reproject layer`. To, a nan ne ake ƙara dagula lamarin, kuma a nan za mu daɗe yau.

[A allo: jakar da fayilolin suke ciki]

Ku fara duba nan. Shapefile ba fayil ɗaya ba ne. Ga `.shp`, ga `.shx`, ga `.dbf`, sai wannan ɗan ƙaramin, `.prj`. A cikin `.shp` lambobi ne zalla, X da Y, ba a rubuta ko mita ne ko digiri ba. `.prj` shi ke gaya wa manhaja yadda za ta karanta su. Rubutu ne kawai, ko da Notepad kana iya buɗe shi. Shi ne kuma ake yawan mantawa in ana tura aiki ta WhatsApp, don mutum na ganinsa ƙarami sai ya ɗauka ba shi da amfani. In babu shi, QGIS kan sa alamar tambaya a gefen sunan fayil ɗin. Wannan da sauƙi, ai ya faɗa maka bai sani ba. Wanda ya fi wahala shi ne `.prj` yana nan, amma abin da ke ciki ƙarya ne.

Ga misalinmu. Fayil ne na rijiyoyi, `rijiyoyi.shp`, an ce mana na cikin garin Zinder ne. Na ɗora shi a kan OpenStreetMap, na danna `Zoom to Layer`. Ku kalli inda ya kai mu. Wannan ba Birni ba ce, ba Zango ba ce. Wajen Baleyara ne, arewa maso gabas da Yamai, kusan kilomita 650 yamma da mu. Amma ku lura da wani abu: bai yi kudu ba, bai yi arewa ba, yamma kawai ya zame. Ku riƙe wannan.

Yanzu kada ku taɓa komai tukuna. A fara karanta lambobin. Danna dama a kan fayil, `Properties`, `Information`, ka nemi layin `Extent`. Masu QGIS na Faransanci, `Emprise` za ku gani, kuma inda nake cewa CRS, wato tsarin da ake karanta lambobin X da Y da shi, naku `SCR` ne. Mai son umarni kuwa:

```
ogrinfo -so -al rijiyoyi.shp
Extent: (497210.000000, 1523880.000000) - (500940.000000, 1527415.000000)
```

Zinder tana wajen digiri 13.8 arewa da digiri 9 gabas. Kowane tsari yana da lambar shaidarsa, ita ake kira EPSG. Da a ce fayil ɗin na digiri ne, wato `EPSG:4326`, da X zai kasance wajen 9, Y wajen 13.8. Waɗannan kuwa dubbai ne, don haka mita ne. X mai lamba shida kusa da 500,000, Y mai lamba bakwai kusa da 1,525,000, wannan kamannin UTM ne. Y ɗin nisanmu ne daga layin da ya raba duniya biyu, kilomita 1,525 da ɗoriya, kuma ya dace da inda Zinder take.

Saura shiyya. UTM ya yanka duniya gida 60, kowace shiyya faɗinta digiri 6. Nijar ta ratsa uku: ta 31 daga digiri 0 zuwa 6, can Yamai da Tawa suke, ta 32 daga 6 zuwa 12, mu da Maraɗi, ta 33 daga 12 zuwa 18, nan Diffa take. A kowace shiyya, layin da ke tsakiyarta ana ba shi X na 500,000. Tsakiyar shiyya ta 32 digiri 9 ne, wato kusan ta cikin garinmu ya bi. Shi ya sa X ɗinmu ke lilo tsakanin 497,000 da 501,000.

Amma fa lambobin su kaɗai ba za su gaya maka shiyya ba. 498,000 akwai shi a ta 31, akwai shi a ta 32, akwai shi a ta 33. Sai ka san inda aka ɗauko bayanan. In ba ka sani ba, buɗe teburin bayanan ka duba sunayen unguwanni ko ƙauyuka, ko ka kira wanda ya turo. Namu mun sani, Zinder ce. Mu buɗe `.prj` mu ga abin da ya ce: `WGS_1984_UTM_Zone_31N`. Ga ɓarawon nan. Lambobin na shiyya ta 32 ne, an liƙa masu sunan ta 31, sai QGIS ya auna su daga digiri 3 maimakon digiri 9. Digiri 6 ke nan aka ja mu yamma. Da 33 aka rubuta, da can cikin Cadi muka kwana.

To, ga wurin da nake so ku buɗe kunne.

Akwai ayyuka biyu, kuma a allo suna zaune kusa da juna kamar abu ɗaya. Na farko, faɗa wa manhaja tsarin da lambobin suke ciki tun asali. Wannan shi ne `Set Layer CRS` ko `Assign projection` a QGIS, `Define Projection` a ArcGIS. Ba ya taɓa lamba ko ɗaya. Na biyu, sake lissafa lambobin daga wani tsari zuwa wani, shi ne `Reproject layer`, ko `Project` a ArcGIS. Wannan kuwa kowace lamba sai ya canza ta.

Ku ɗauka an ba ku takarda an rubuta 5,000, kuɗin sefa ne, amma wani ya rubuta naira a gefe. Gyaran shi ne a goge naira a rubuta sefa, 5,000 ɗin na nan yadda take. In kuwa ka ɗauki takardar ka kai wa ɗan canji a kasuwar Dole ka ce ya mayar maka da nairar nan sefa, zai yi maka lissafi daidai, ba zai cuce ka ba, amma adadin da zai ba ka ba shi ne kuɗinka ba. Yanzu takardar na cewa sefa, kuma adadin ya lalace.

Bari mu yi kuskuren da gangan ku gani da idonku. `Reproject layer`, na zaɓi `EPSG:32632`, na danna `Run`. Ga sabon fayil. Ina ya sauka? Baleyara dai, ko motsi bai yi ba. QGIS ya yarda da `.prj` cewa rijiyoyin can suke, sai ya lissafa mana matsayin Baleyara da ma'aunin shiyya ta 32. Duba `Extent` yanzu: X ya koma wajen -150,000. Kuma `.prj` ɗin sabon fayil na cewa 32N, abin da kowa zai duba ya ce ai daidai ne. A ganina wannan fayil ya fi na farko haɗari, don na farko ko ba komai lambobinsa na gaskiya ne. In kun ga X mai alamar ragi a fayil ɗin UTM, ku zargi irin wannan aikin. Mafita ita ce a koma ga fayil na asali. In ya ɓata, a mayar da wannan zuwa `EPSG:32631` da `Reproject layer`, lambobin farko su dawo, sannan a yi gyaran da ya kamata.

Ga gyaran. Danna dama a kan fayil na asali, `Layer CRS`, `Set Layer CRS`, rubuta 32632, zaɓi `WGS 84 / UTM zone 32N`. `Zoom to Layer`. Madalla, ga mu a gida, ga fadar Sarkin Damagaram can gefe.

Kada ku rufe tukuna. Wannan gyaran a cikin aikin QGIS ɗinka kawai yake zaune, `.prj` na nan da ƙaryarsa, wanda ka tura wa gobe Baleyara zai sake gani. Sai ka yi `Export`, `Save Features As`, ka fitar da sabon fayil, ko ka yi haka:

```
ogr2ogr -a_srs EPSG:32632 rijiyoyi_32n.shp rijiyoyi.shp
```

Kuma waccan lambar EPSG da ke ƙasan allo ta hannun dama, ta taswirar da kake kallo ce gaba ɗaya. Ko sau nawa ka canza ta, ba za ta gyara fayil ɗin ba.

Sauran da gudu. In fayil ya faɗa teku kudu da Gana, ya dunƙule kamar ɗigo, digiri ne aka karanta a matsayin mita: mita 9 gabas, mita 14 arewa daga sifili. Ba shi `EPSG:4326`. In X na wajen 1,000,000, Y wajen 1,551,000, wannan `EPSG:3857` ne, tsarin taswirorin intanet. In X na wajen 1,150,000, Y wajen 1,534,000, wani ne ya zuba ƙasar duka a shiyya ta 31, kuma a nan 32631 ɗin gaskiya ne. In kuwa ka tsinci kanka a Kamaru wajen Garwa, ba laifin CRS ba ne, an musanya X da Y ne tun lokacin da aka haɗa fayil ɗin daga tebur, sai a koma can a gyara.

[A allo: hoton tauraron ɗan adam, an matso kusa]

Na ƙarshe shi ne mai wuyar gani. Fayil ya sauka a Zinder, amma da ka matso sai ka ga rijiya a tsakiyar kwalta, ko a kan rufin gidan mutane, kuma dukansu sun zame gefe ɗaya da nisa ɗaya, mita gomomi zuwa wajen ɗari biyu. Wannan yawanci matsalar datum ce, wato siffar duniya da mafarin awon da aka gina taswirar a kansu. Tsofaffin taswirorin takarda na yankinmu da dama an gina su a kan siffar duniya ta Clarke 1880, GPS kuwa da WGS 84 yake aiki. Bayanan da suka tsallako daga Nijeriya kuma kan zo da datum na Minna, wanda a shiyyarmu `EPSG:26332` ne. A nan `Extent` ba zai taimake ka ba, don lambobin sun yi kama sosai. Ka nemi wuri uku ko huɗu da ka tabbatar da su, kamar mahaɗar hanya ko rijiyar da ka tsaya a kanta da GPS, ka gwada tsarin ɗaya bayan ɗaya da `Set Layer CRS`, kana auna tazarar. Hoton tauraron shi ma yakan zame da ƴan mitoci, don haka kada mita biyar ta ɗaga maka hankali. In an kwafo bayanan daga taswirar takarda ne, ka nemi takardar ka duba gefenta na ƙasa, galibi nan ake rubuta tsarin da aka yi ta da shi. In kuma kowace rijiya ta zame nata gefen daban, to ba datum ba ne, awon ne ko kwafin bai yi kyau ba, kuma babu lambar EPSG da za ta gyara wannan.