Takardar Rantsuwar Shekaru: Inda Take Wucewa da Inda Ake Dawo da Ita

"Ambaliya ta tafi da takardar haihuwata. Na je kotu na yi rantsuwar shekaru, amma da na kai ofishin fasfo sai aka ce ba za ta yi ba. A 1996 aka haife ni. Shin takardar kotu ba takarda ba ce?"

Jama'a masu sauraro, wannan saƙo ne daga wani matashi a Haɗeja. To ɗan'uwa, takarda ce, sai dai ba irin wadda kake zato ba. Abin da muke kira dikilareshan magana ce da wani ya faɗa a gaban kwamishinan rantsuwa, ya sa hannu, aka buga hatimi. Kotu ba ta binciki ranar haihuwarka ba, ba ta kuma ce gaskiya ce ba. Shaidarta ɗaya: wane ya zo, ya rantse. Shi ya sa ma ba kai ya kamata ka rantse ba, don ba wanda ya shaidi haihuwar kansa. Mahaifi, mahaifiya, kawu, gwaggo ko yayan da ya ba ka shekaru masu yawa, su ne masu wannan magana. Wanda ya rantse a kan ƙarya kuwa, laifi ne a doka.

Shekarar haihuwarka ce ta kayar da kai. A 1992 aka yi doka mai lamba 69, wadda ta wajabta rajistar haihuwa ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Daga nan aka raba 'yan Najeriya gida biyu. Wanda aka haifa kafin lokacin ana yi masa uzuri, domin a ƙauyuka da yawa ba a san rajista ba, sai dai a ce shekarar fari, ko shekarar da aka kashe Murtala. Wanda ya zo bayan ƙarshen 1992, hukumar shige da fice takardar Hukumar Ƙidaya take nema a wurinsa.

Yanzu mafita ta danganta da tambaya ɗaya: takardar da ruwa ya ci, ta wa ce? In ta Hukumar Ƙidaya ce, sunanka yana cikin kundi. Koma ofishinsu na ƙaramar hukumar da aka yi maka rajista, da takardar rantsuwa cewa ta ɓata da rahoton 'yan sanda, ka nemi kwafi. In akwai tsohon hoton takardar a waya ko a fayil ɗin makaranta, tafi da shi, lambar da ke jiki za ta rage maka zirga-zirga. In kuwa katin asibiti ne ko takardar ƙaramar hukuma, to dama ba a taɓa yi maka rajista ba. Tunda ka haura shekara 18, hukumar ba za ta ba ka takardar haihuwa irin ta yara ba, takardar tabbatar da haihuwa take bai wa manya. A nan rantsuwar taka za ta yi amfani, in dai wani babbanka ne ya yi ta, don tana cikin abin da za su nema, tare da lambar NIN. Galibi rantsuwar babbar kotu ake so, saboda haka wanda bai yi ba tukuna, ya nufi can tun farko.

Ina rantsuwar take wucewa ita kaɗai? Makarantu da yawa na karɓa, haka wuraren ɗaukar aiki, haka kamfanonin fansho wajen sabunta bayanai, musamman ga waɗanda suka manyanta. Gyaran ranar haihuwa a NIN kuwa sai da takardar Hukumar Ƙidaya, kuma ofisoshin jakadanci ma ita suka fi amincewa da ita.

Amma abin da ya fi jefa mutane cikin wahala ba rashin takarda ba ne, yawanta ne. Za ka ga mutum takardar jarrabawarsa ta sakandare ta ce 1996, BVN ya ce 1998, sannan mai buga takarda a gindin bishiyar ƙofar kotu ya tambaye shi, "Nawa za a sa?" ya ce a sa 1999, don kada ya haura shekara 30 ya rasa bautar ƙasa. Da can aljihun tebur ke ɓoye wannan, yanzu na'ura ce ke haɗa bayanan, kuma ba ta jin "a yi haƙuri". Ma'aikacin gwamnati ma ya sani, ranar da ya rubuta sa'ad da aka ɗauke shi aiki ita ake bi wajen ritaya, ko ya kawo sabuwar rantsuwa guda goma.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka koma ko'ina, shimfiɗa takardunka a tabarma: sakamakon jarrabawa, takardar NIN, bayanan banki da rantsuwar. Duba rana, wata da shekara, da yadda aka jera sunayenka. In rantsuwar ta saɓa da mafi tsufa a cikinsu, ɗauki kawunka ku koma kotu a sake ta, sannan ka wuce Hukumar Ƙidaya.