Tallar sola ta Khartoum da muka kai kasuwannin Gadarif

Wannan lacca ce da aka yi wa matasa 'yan kasuwa a wani nadi, wato kulob, a Gadarif da ke gabashin Sudan bayan sallar isha'i, an ɗauka a waya, ni kuma na zauna na rubuta yadda na ji. Gaisuwa da addu'ar buɗewa na tsallake su.

Toh jama'a, iyayena da ke gaba da ƙannena da ke baya, ni abu ɗaya na zo da shi yau, labarin wata talla ce da muka yi a Khartoum tun kafin yaƙin nan na 2023, ta karɓu sosai, sannan muka ɗauko ta muka kawo nan wajen manoma ta faɗi warwas, sai da muka warware ta muka sake ɗinki.

Kayan da ake sayarwa sola ce ƙarama ta gida. Fanel mai wat 50, batir, ƙwan fitila uku, da wajen cajin waya. Tallar birni kuwa bidiyo ne na rabin minti a Fesbuk, wani saurayi yana zaune yana kallon ƙwallo a waya sai aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, wayarsa ta kusa mutuwa, sai ya miƙa hannu ya danna abu ɗaya ɗakin ya haske. Aka rubuta a ƙasa cewa ka biya kaɗan kaɗan duk ƙarshen wata, ka turo saƙo a kawo maka har gida. Shikenan. Kuma wallahi ta yi aiki, don duk wanda ya zauna Khartoum lokacin zafi ya san baƙin cikin ɗauke wuta.

Da mai kayan ya ce a kai ƙauye, abin da muka fara yi shi ne abin da kowa ke yi in yana sauri. Muka cire saurayin muka sa wani da jallabiya da rawani, muka cire ɗakin siminti muka sa guttiya, wato bukkar ciyawa, muka juya maganar daga Larabcin Khartoum zuwa Hausa, muka buga a takarda aka lilliƙa a kasuwanni. Ranar wata kasuwa na tsaya kusa da takardar ina jiran in ga an taru, sai wani dattijo ya zo ya daɗe yana kallo, ya sa jikansa ya karanta masa, ya juyo ya ce min, "Yaro, wace wuta za a ɗauke mana? Mu da ba a taɓa kawo mana ba." Ban iya ce masa komai ba. Na koma gida ranar raina a jagule, don na gane mun canza wa tallar riga ne kawai, ciwon da take magana a kai har yanzu ciwon ɗan birni ne.

Ku riƙe wannan da kyau. Ɗan birni muna sayar masa da maganin abin da yake da shi ake ƙwace masa. Manomin da babu turakun lantarki a garinsu ba a ƙwace masa komai ba, shi damuwarsa kuɗin da ke zurarewa kullum ba ya gani, batirin tocila, batirin rediyo, kuɗin caji da ake ba mai janareto a kasuwa, ga yaron da za a tura da wayoyi uku ya yi tafiya ya wuni can yana jira, lokacin shema kuma yaron nan hannu ne da aka rasa a gona. Don haka muka ajiye takardar muka shiga gidaje muna tambaya, ba tambayar "za ka saya?" ba, a'a, batir nawa kake saya a sati, sau nawa ake kai waya caji, wa ke kaiwa. Wata uwa ta ɗauko mana wani tsohon kwano cike da matattun batura da yara ke wasa da su, wasu sun fashe sun yi farin gari a baki. Kwanon nan shi ya zama hoton sabuwar talla. Ba mu ƙirƙiro shi ba, a ɗakinta muka same shi.

Abin da muka bari daga tsohuwar talla shi ne ƙashin bayanta, wato a nuna damuwa a nuna sauƙi nan take, hannu ɗaya ya danna haske ya zo. Wannan ko a birni ko a ƙauye yana kama zuciya. Sauran duk mun sauke.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne nake so in daɗe, don nan yawancinku za ku yi tuntuɓe. "Biya duk ƙarshen wata" magana ce ta mai albashi. Manomin Gadarif ba ya da ƙarshen wata, yana da kaka. Ruwa ya sauka wajen watan shida zuwa na bakwai, duk abin da ke hannunsa ya tafi iri da haya ta tarakta da 'yan shema, watan takwas da na tara kuwa ku kun sani, lokacin ne aljihu ke bushewa har wasu su ci shel, su karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa a kan amfanin da bai nuna ba, a farashi mai ciwo. Riɗi sai wajen watan goma ake yanka, dawa ta biyo baya daga watan sha ɗaya har cikin sanyi. Mu kuma da wayonmu a watan takwas muka liƙa takardarmu. Kaga mutum yana neman abin da zai sallami masu shema kai kana ce masa ya ɗauki bashin wata wata, kuma kalmar bashi a kunnensa shel take tuna masa.

Da muka gyara sai muka raba aikin biyu. Da damina ba ma cewa kowa ya saya, nunawa kawai muke yi a gani a saba da shi. Kiran saye sai da riɗi ya shiga kasuwa. Biyan kuma kashi biyu, rabi bayan riɗi, rabi bayan dawa, babu ƙari a kai, kuma mun faɗi haka ƙarara don mutanenmu suna tambayar halaccin ciniki kafin su tambayi rahusa. Farashi ma ba mu buga shi a takarda ba saboda yadda kuɗinmu jine ke narkewa, kafin takarda ta koɗe farashin ya zama ƙarya. Wakilinmu ne ke faɗa da baki ranar kasuwa, kuma ya faɗa da ma'aunin da manomi ke lissafi da shi, ya ce yau daidai da kintar kaza ne na riɗi. Nan take za ka ga mutum ya yi shiru yana lissafi da yatsu, wanda da lambobin jine ba ya yi.

(Nan wani daga baya ya yi tambaya, ba ta fito sosai a rikodin ba, a kan Fesbuk ce.)

Eh ƙanena, matasan ƙauye suna da Fesbuk da Wasap, gaskiya ne, amma wa ke buɗe bakin buhu? A birni wanda ya ga talla shi ke saya da kuɗinsa. A ƙauye yaro ne zai gani, uwar gida ce ta fi kowa shan wahalar duhu wajen girki da jinyar yara, maigida ne zai fitar da kuɗi, shi kuma ba zai fitar ba sai ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi. Shi ya sa bidiyon muka mai da shi saƙon murya na Wasap wanda ko waya mai ƙaramin data za ta sauke, mace ce ke magana da mijinta a kan kwanon batura, da irin Hausar da ake yi nan, wadda ake cewa shawal ana cewa faddan, ba Hausar labaran rediyo ba. Garin da Larabci ya fi yawa aka yi musu da Larabcin wurin. Kuma kar ku ɗauko ɗan wasa ku naɗa masa rawani, ana ganewa daga yadda ya riƙe lauje.

Abin da ya fi duk wannan aiki kuwa ba a waya yake ba. Mun je wajen shehin hilla, wato mai gari, muka nemi izini, muka ɗaura guda ɗaya a rumfar mai shayi da ke bakin masallaci, muka bar ta sati biyu ana caji kyauta. Da magariba rumfar ta haske, mutane suka riƙa zuwa suna taɓa fanel ɗin, suna tambayar mai shayin, shi kuma yana ba da amsa da bakinsa ba da namu ba.

A rumfar nan ne na ji tambayar da ɗan Khartoum bai taɓa yi mana ba, in ta lalace wa zai gyara, kuma ina zan same ku? Ɗan birni ya san shago yana nan. Manomi an sha kawo masa kaya a mota a sayar a tafi, kuma da damina laka ta Gadarif in ta kama hanya ko babbar mota sai ta kwana. Don haka sunan mai gyara na kasuwar da ta fi kusa da ranar da ake samunsa suka shiga cikin tallar kanta, a wurin da da aka rubuta "turo saƙo".

Sannan mun faɗi iyakar kayan, wanda a birni ba mu damu mu faɗa ba. Fanel mai wat 50 a ranar da rana ta fito sosai zai tara maka abin da bai wuce wat-awa 200 da ɗan wani abu ba bayan an cire asara. Ƙwai uku masu wat 5 in sun yi awa biyar sun ci 75, wayoyi huɗu su ci kamar 50 zuwa 60, saura kaɗan na rediyo. Ba ta ɗaukar firij, ba ta jan famfon ruwa, ranar hadari tana raguwa, in ƙura ta rufe fanel sai an goge da tsumma. Mai kayan bai so a faɗi wannan ba, na ce masa Alhaji, in mutum ɗaya ya jona abin da ya fi ƙarfinta batir ya mutu, kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa kayanka na banza ne, kuma ƙauye ba ya mantuwa.

Yadda za ku gane ko gyaran ya kama, ku saurari irin tambayar da ake muku. In ana kallo ana murmushi ana wucewa, ba ku taɓa ciwon ba tukuna. In an fara cewa "in na ba da rabi yanzu, sauran sai yaushe?" to kun iso. Mu littafi muka ba kowane wakili, duk wanda ya saya a tambaye shi a ina ya fara ji, a rubuta, rumfar mai shayi ko saƙon murya ko maƙwabci. Kuma kar ku canza komai da komai a kasuwa ɗaya rana ɗaya, ku gwada sabon saƙo a wannan kasuwa ku bar tsohon a waccan, in ba haka ba ba za ku san me ya yi aikin ba.

Dattijon nan da ya tambaye ni wace wuta za a ɗauke musu, bayan an yanka riɗi ya zo da kansa da jikan nasa, bai ko kalli takarda ba, ya ce a nuna masa irin ta rumfar mai shayi, ya sa aka kunna aka kashe sau uku a gabansa, sannan ya tambayi ranar da mai gyara ke zuwa kasuwa.

To akwai mai tambaya kafin a kawo shayi? Malam na ga hannunka tun ɗazu, bismillah.